Jan tambarin da ke kan ƙwai a Turai: haruffa biyu da ke faɗin ƙasar da kaza ta saka shi

Duk ɗan Nijar da ya sauka Faransa, Beljiyam, Jamus ko Italiya, ranar farko da ya shiga kanti sayen ƙwai zai ga abin da bai saba gani a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ba. A jikin ɓawon kowane ƙwai akwai wani ɗan rubutu da aka buga da jan tawada, wani lokaci ruwan hoda, lambobi da haruffa a jere kamar lambar mota. Da yawa sukan ɗauka ranar lalacewa ce, su fasa ƙwan su jefar da ɓawon a shara. Amma rubutun yana ɗauke da abubuwa uku: yadda aka kiwata kazar, ƙasar da ta saka ƙwan, da gidan gonar da ya fito. A cikin ukun nan, haruffan ƙasa ne mutane suka fi karantawa ba daidai ba, domin kwalin da ƙwan yake ciki shi ma yana da nasa haruffan, kuma ba dole ba ne su zo ɗaya.

Tun ranar 1 ga Janairun 2004 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wannan tambari a kan duk ƙwan da ake sayar wa jama'a don ci. Kowane gidan kiwon kaji masu ƙwai sai ya yi rajista a wurin hukuma, a ba shi lambarsa, kamar yadda ake ba babur ko mota. Tawadar irin wadda aka yarda da ita a abinci ce, kuma doka ta ce tsawon kowane harafi kada ya gaza milimita 2 don ido ya iya karantawa.

Yadda ake karanta shi

Ga misali irin na Jamus. Lambar gonar da ke ciki ta kwatance ce kawai:

```
2-DE-0312341
```

Lambar farko, wato 2, ita ce ta salon kiwo. Haruffa biyun da ke bin ta, DE, su ne ƙasa. Duk abin da ya biyo baya adireshin gonar ne. A nan akwai abin lura: haruffan ƙasa su ne haruffan farko a cikin tambarin, amma ba su ne farkon rubutun ba, kullum akwai lamba ɗaya a gabansu, daga 0 zuwa 3. Wasu ƙasashe suna sa ɗan layi tsakanin sassan, wasu suna haɗe su wuri guda, amma jerin ba ya canjawa.

Haruffan an ɗauko su ne daga jerin sunayen ƙasashe na duniya da ake kira ISO 3166, wanda shi ne dai ake gani a ƙarshen adireshin intanet. FR Faransa ce, BE Beljiyam, IT Italiya, PL Polan. Waɗannan ba su da wuya. Masu rikita mutane su ne waɗanda aka ciro daga sunan da ƙasar ke kiran kanta da shi. DE Jamus ce, daga Deutschland, ba Denmak ba. Ita Denmak DK take. ES Sipaniya ce. AT Ostiriya ce. Birtaniya kuma ta kauce wa jerin, tana buga UK maimakon GB, kuma ko bayan da ta fita daga Tarayyar a 2020 ta ci gaba da wannan tsari. Sai wanda ya fi shafar ƴan gida: NL Holan ce. Nijar NE take a wannan jeri, Najeriya kuma NG. Wanda ya ga NL a kan ƙwai a Brussels kada ya yi murnar cewa ƙwan Tawa ne ya biyo shi.

Bayan haruffan, kowace ƙasa da yadda take rubuta adireshin gonakinta, kuma a nan ne tambarin yake ƙara daɗin karatu. A Jamus lambobi biyun farko jiha ce: 03 Niedersachsen, inda kiwon kaji ya fi yawa a ƙasar, 05 Nordrhein-Westfalen, 09 Bayern. Lambobi huɗun da ke biye gonar ce, ta ƙarshe kuma ɗakin kajin a cikin gonar. Ke nan misalin da ke sama yana cewa: kazar da ke yawo a cikin rufaffen ɗaki, a Jamus, jihar Niedersachsen, gona mai lamba 1234, ɗaki na 1. A Faransa haruffa uku ne ke nuna gonar, lambobi biyu su nuna ɗakin. Italiya tana sa lambar gunduma guda uku, sai haruffa biyu na lardi, kamar TO na Torino ko BS na Brescia, sannan lambar gona. Holan tana sa lambobi biyar na gona da biyu na ɗaki.

Ita kuwa lambar farko ma'anarta ɗaya ce a duk faɗin Tarayyar. Lamba 3 kazar keji ce. Tun 2012 aka haramta tsofaffin ƙananan kejuna, amma ko a sababbin, filin da doka ta ba kowace kaza santimita murabba'i 750 ne, wato ya ɗan ɗara takardar A4 ɗaya. Lamba 2 kaji ne a sake cikin babban ɗaki, ba sa fita waje, har tara a kowace mita murabba'i. Lamba 1 suna fita fili da rana, kowace kaza da mita murabba'i 4 a waje. Lamba 0 ita ce biyo: suna fita waje, abincinsu daga noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi na sinadari ba, kuma ba su wuce shida a mita murabba'i a cikin ɗaki. Farashi yana bin wannan jeri, 0 ya fi tsada, 3 ya fi araha.

Kwali da ɓawo ba magana ɗaya suke ba

A ce wata ɗaliba ƴar Damagaram da ke karatu a Hamburg ta ɗauki kwalin ƙwai goma a kanti. A kan kwalin akwai hoton ciyawa shar da kaji a rana, rubutun duka da Jamusanci, kuma a gefe akwai wata lamba da ta fara da DE. Komai yana nuna ƙwan Jamus ne. Ta buɗe kwalin, sai ta ga wannan a kan ɓawon:

```
2-NL-1234501
```

Babu wanda ya yi mata ƙarya a idon doka. Lambar da ke kan kwalin ta wurin tantancewa da zubawa a kwali ce, wato masana'antar da ake haska ƙwai a duba tsagewa, a auna nauyi, a jera a rufe. Wannan masana'anta tana Jamus, shi ya sa take da DE. Ita kazar a Holan take, kuma lamba 2 ta nuna ba ta taɓa taka ciyawar da ke cikin hoton ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin Jamus ba ta samar da ƙwan da ya ishe ta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye tana shigo da shi ne daga waje, mafi yawa daga Holan, sai Polan. Manyan motoci suna tsallaka iyaka da ƙwai a kan tire, a zuba shi a kwalin Jamus.

Don haka ƙa'idar mai sauƙi ce. Kwali yana faɗin inda aka zuba ƙwan, ɓawo yana faɗin inda aka saka shi. Doka ta tilasta a rubuta salon kiwon da kalmomi a kan kwalin, kuma a yi bayanin ma'anar tambarin a kai ko a cikin murfin, amma mai saye da ke son sanin ƙasa sai ya ɗaga murfin ya juya ƙwan. A kantunan Turai ba wanda zai yi masa kallon banza don ya buɗe kwali, kowa yana yi don duba fasasshe. Haka ma lambar layi-layi da ake haskawa a wurin biyan kuɗi ba ta taimaka: lambobinta na farko suna nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajistar lambar ne, ba inda abin ya fito ba.

Wannan ya fi amfani ga ƴan ci-rani fiye da kowa, saboda yadda suke saye. Gidan da samari biyar ko shida suke haya tare ba ya sayen kwalin ƙwai shida. Tire mai talatin ake ɗauka a kantunan Larabawa, Turkawa ko ƴan Afirka, sau da yawa a lulluɓe da leda kawai, da ƴar takarda ɗaya a manne. A irin wannan tire ba hoto, ba dogon bayani, tambarin ɓawon ne kusan duk abin da mutum yake da shi. Kuma a nan ne aka fi cin karo da lamba 3, da haruffan ƙasashen da ke nesa.

Ƙwan da ya fito daga wajen Tarayyar ma dole ya ɗauki haruffan ƙasarsa. Tun bayan da aka sassauta wa kayan Yukren kuɗin duwan a 2022, ƙwai masu UA sun yawaita a kasuwannin Turai. A ƙarshen watan Agustan 2025 ƙungiyar masu sana'ar ƙwai ta Faransa, CNPO, ta fito fili tana ƙorafin cewa ana sayar da ƙwan keji na Yukren a wasu manyan kantunan ƙasar, alhali ana matsa wa makiyayan gida su bar keji. Abin da ya ba su hujja shi ne tambarin: 3 a gaba, UA a bayansa. Ko mutum ya goyi bayan makiyayan ko ya fi damuwa da aljihunsa, aƙalla ya san abin da ya saya.

Shekarar da tambarin ya nuna amfaninsa

An yi tambarin ne musamman don ranar da abu ya ɓaci, kuma ranar ta zo a damanar 2017. Akwai wani ɗan jan ƙwaro mai kama da ƙuma da ke ɓuya a lungunan ɗakin kaji, ya fito da dare ya sha jininsu. Yana rage ƙwai, yana da wuyar kashewa. Wani kamfanin feshi a Holan ya yi suna da cewa maganinsa yana gamawa da ƙwaron na tsawon watanni, ana tallarsa a matsayin haɗin man itatuwa. Ashe an gauraya shi da fifronil, maganin da ake sa wa karnuka da kyanwoyi don kashe ƙuma da kaska, wanda doka ta hana amfani da shi a kan dabbar da mutane za su ci ko su ci abin da ta samar. Fifronil yana taruwa a kitse, ya bi jikin kaza ya sauka a gwaiduwa.

Hukumomin Beljiyam ne suka fara gano shi a farkon watan Yuni, amma sai 20 ga Yuli suka sanar da sauran ƙasashen Tarayyar, jinkirin da ya jawo musu zargi mai yawa. A Holan aka rufe gonaki wajen 180 a tashin farko. Abin da hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar, NVWA, ta yi a ƙarshen Yuli da farkon Agusta shi ne wallafa jerin lambobi. Ba ta ce wa mutane su daina cin ƙwan kanti kaza ko mai kwali kaza ba, tun da ƙwan gona ɗaya yana iya shiga kwali iri goma a ƙasa biyar. Ta ce kowa ya buɗe firigo ya karanta ɓawo. Lamba ɗaya aka ware aka ce maganin ya yi yawa a cikinta har kada kowa ya ci:

```
X-NL-40155XX
```

Alamar X tana nufin ko wace lamba ce a wurin, wato ko wane salon kiwo, ko wane ɗaki, muddin ƙasar NL ce kuma gonar 40155. Bayan ita akwai wani jeri mai tsawo na gonakin da maganin bai kai haka ba, amma aka ce kada a riƙa ba yara su kullum. Uwa a Köln ko a Amsterdam tana iya ɗaukar ƙwai ɗaya-ɗaya, ta kwatanta da jerin da ke wayarta, ta zubar da huɗu ta ajiye shida. Haruffan ƙasa ne suka fara rage mata aiki: idan FR ko IT ta gani, ba ta da buƙatar neman lambar a jerin Holan.

Duk da haka tsoro ya fi tambari gudu. Ranar 4 ga Agusta kamfanin Aldi ya kwashe dukkan ƙwai daga kantunansa na Jamus, mai laifi da marar laifi. An lalata miliyoyin ƙwai, an kashe kaji masu yawa, kuma kafin ƙura ta lafa abin ya taɓa ƙasashe fiye da 40, har da Hong Kong. An kama shugabannin kamfanin feshin su biyu, daga baya kotu ta ɗaure su.

Wani darasi na wannan shekara shi ne cewa lamba 0 da 1 ba su tsira ba. Gonakin biyo da na kajin da ke fita fili suna cikin waɗanda aka yi wa feshin, domin jan ƙwaron bai san lamba ba. Tambarin yana faɗin yadda kaza take zaune da inda take. Ba takardar shaidar lafiya ba ce.

Inda tambarin ya tsaya

Babban giɓinsa shi ne yana mutuwa da fasa ɓawo. Kaso mai yawa na ƙwan da ake ci a Turai ba ya zuwa gida da ɓawonsa. Masana'antu ne ke fasa shi, su sayar da ruwansa ko garinsa ga masu yin biskit, kek, mayones da taliyar ƙwai. A nan doka ba ta tilasta a rubuta ƙasar kazar ko salon kiwonta ba. A 2017 Birtaniya ta fara cewa ƙwai 21,000 ne masu fifronil suka shigo mata, bayan ƴan kwanaki ta gyara ta ce wajen 700,000 ne, kuma mafi yawansu sun riga sun shige cikin sanwici da salak da ake sayarwa a shirye. Wanda ya ci wannan sanwici ba shi da ɓawon da zai duba. Haka wanda ya ci wainar ƙwai a gidan abinci, ko ya sayi dafaffen ƙwai mai launi da Jamusawa suke sayarwa, wanda shi ma ana lissafa shi cikin abin da aka sarrafa.

Akwai kuma ƙwan da doka ta yafe wa tambari. Makiyayin da ke sayar da ƙwansa a ƙofar gonarsa kai tsaye ga mai ci ba dole ba ne ya buga. A kasuwar mako ta unguwa dole ne, sai dai wasu ƙasashe sun ɗauke wa mai kaji 50 ko ƙasa da haka, da sharaɗin ya kafa sunansa da adireshinsa a wurin da yake sayarwa. Amma idan ɗan kasuwa ne a tsakiyar birni ya jibge tire ashirin na ƙwai marar tambari yana cewa na ƙauye ne, wannan abin tuhuma ne. Ƙwai ɗaya ko biyu da tawadarsu ta goge a cikin tire ba komai ba ne, dokar kanta ta yarda har kashi 20 cikin ɗari su kasance ba sa karantuwa sosai.

Sai maguɗi. Injin da ke buga 3 shi ne ke buga 1, kuma bambancin kuɗin da ke tsakaninsu yana da yawa. A 2010 wata kotu a Worcester ta Birtaniya ta ɗaure wani mai masana'antar zuba ƙwai shekara uku, bayan an gano ya sayar da miliyoyin ƙwan keji, wasu ma daga ƙetare, a matsayin na kajin da ke fita fili ko na biyo. Masu bincike suna da dabarunsu. Suna kwatanta yawan kajin gona da yawan ƙwan da aka sayar da lambarta, tun da kaza ba ta wuce ƙwai ɗaya a rana. Gona mai kaji dubu goma da ta fitar da ƙwai dubu goma sha biyar kullum ta tona kanta. Suna kuma haska ƙwai da fitilar ultrabayolet, wadda ke fito da sawun wayar keji a kan ɓawo, layi-layi, saboda ƙwan yana da ɗan danshi lokacin da ya faɗo ya gangara. Yawancin irin wannan ha'inci a tsakanin gona da masana'anta yake faruwa, lokacin da ƙwai yake tafiya ba tambari. Shi ya sa sabuwar dokar Tarayyar ta ce daga Nuwamban 2024 a riƙa bugawa tun a gonar, ko da yake an bar wa ƙasashe damar yin sassauci.

Ko lamba 1 ta gaskiya tana da sharaɗi. Idan masassarar tsuntsaye ta ɓarke, likitocin dabbobi na gwamnati sukan ba da umarnin a kulle kaji duka a ɗaki don kada su haɗu da tsuntsayen daji. A dā, in kullen ya wuce mako 16 sai ƙwan ya koma lamba 2. Yanzu an cire wannan iyaka, don haka a lokacin sanyin da cutar ta yi tsanani mutum yana iya biyan kuɗin lamba 1 a kan ƙwan kazar da ta yi watanni ba ta ga rana ba.

Abubuwan da ba sa cikin tambarin kwata-kwata su ne launi da sabunta. Farin ɓawo ko ja daga irin kazar ne. Gwaiduwa mai ja sosai daga abinci ne, ana iya samunta a keji idan an ƙara wa abincin abin da ke ba da launi. Ranar ƙarshe da ake son a ci ƙwan a kan kwali take, kuma ba ta wuce kwana 28 daga ranar da aka saka shi. A Faransa haruffan DCR ne ke gabanta, wasu kamfanoni suna buga ta a ɓawon ma, ƙarƙashin lambar gona. Da wannan mutum yana iya lissafi da kansa: in an rubuta 30 ga wata, a mafi yawan lokuta ranar 2 ga wata aka saka ƙwan. Haruffan S, M, L da XL kuwa nauyi ne, M daga giram 53 zuwa 63, L daga 63 zuwa 73.

Ba ko'ina ba ne

Masu karatu a Turkiyya za su ga tsari mai kama da wannan, lamba 0 zuwa 3, sai TR, sai lambar lardi irin ta jikin mota, 06 Ankara, 34 Istanbul. Amma ƴan Nijar da ke New York ko Greensboro ba za su ga komai irin wannan a ɓawo ba, in ban da tambarin kamfani a wasu. A Amurka bayanin a kwali yake: lambar masana'anta da kan fara da P, da wata lamba mai uku da ke nuna ranar da aka zuba, 001 ita ce 1 ga Janairu, 365 kuma 31 ga Disamba. Can ana wanke ƙwai kafin a sayar, abin da ke cire siririn rufin da kaza take yi wa ɓawo, don haka dole ya zauna a firigo tun daga masana'anta. A Turai an hana wanke ƙwan da za a sayar don ci, ban da wasu ƴan wurare da aka yi wa izini, shi ya sa ake ganinsa a kan kanta kusa da gari da sukari.

A gida kuwa, ƙwan da ke kan teburin mai shayi a Maraɗi, ko wanda yara suke yawo da shi a tashar Damagaram, ba shi da tambari. Wani daga gonakin da ke kewayen Yamai yake, wani ya tsallako daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, wani na zabi ne da ke cika kasuwa da damana. In an jera ƙwan gona na nan da na can a tire ɗaya ba mai iya bambancewa. Abin da ke tsaye a madadin tambari shi ne sanayya: mai shayi ya san dillalinsa, dillali ya san direbansa. Sabunta kuma ana gane ta da ruwa, sabon ƙwai ya kwanta a ƙasan kwano, tsoho ya miƙe tsaye, ruɓaɓɓe ya taso sama, saboda iskar da ke cikinsa tana ƙaruwa da kwanaki.

Wannan sanayya tana aiki a kwanakin lafiya. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da masassarar tsuntsaye mai nau'in H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya, kusa da iyaka. Mutane da yawa a ƙasashen biyu suka ƙaurace wa kaza da ƙwai baki ɗaya, makiyayin da cutar ba ta je kusa da shi ba ya yi asara tare da wanda ta shiga gonarsa, domin ba shi da hanyar nuna wa mai saye cewa nasa daban ne. Buga tambarin kansa ba shi ne mai wuya ba, akwai ƙaramin hatimin hannu da ƙananan makiyayan Turai suke dannawa ƙwai ɗaya-ɗaya. Mai wuyar shi ne abin da ke bayansa: rajistar kowace gona a ma'aikatar kiwo, da ma'aikatan da za su riƙa zagayawa suna ƙirga kaji suna kwatantawa da ƙwan da ya fita da lambar NE.